Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Kawu Ya Buɗe Littafin Kunun Ayata

A makon jiya na tsaya ne a inda na kama ɗan shago a bakin layinmu a Kurna, na sayi firiza da kuɗin adashena, na fara sayar da kunun aya a robobi. Wata huɗu ina wannan sana'a, kuma duk wanda ya leƙo shagon zai ce Allah ya buɗa mini. Kullum sai na haɗa roba 60, yaron da ke kai mini shaguna da makarantu ya fita da kula cike, ya dawo da kuɗi. Amma duk ranar da zan je Dawanau sayen aya, sai na tarar kuɗin bai kai ba. Sau biyu ina cikawa da kuɗin cefane. Na uku sai da na ranta a wajen maƙwabciyata.

Lokacin an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, komai ya tashi, mai injin niƙa ma ya ƙara kuɗi. Sai na ɗora wa tsadar laifi gaba ɗaya. Har zargin yaron na fara yi a zuciyata, abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa, domin yaron nan ko sisi bai taɓa ci mini ba.

Wata Juma'a da yamma Kawu ya zo duba Inna. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura shekara 30 yana sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa. Na kawo masa kunu mai sanyi, ya sha ya yaba, sannan ya tambaye ni nawa nake sayarwa. Na ce naira 200.

Ya ce, "Nawa ne uwar kuɗinki a kowace roba?"

Na ce, "Kawu, ai ina samun riba. Kowa a unguwar nan 200 yake sayarwa."

Ya ce, "'Yar nan, ba kuɗin kowa na tambaye ki ba. Ɗauko littafinki."

Littafin nawa na bashi ne kawai, sunayen waɗanda suka karɓa ba su biya ba. Ya juya bayan littafin, ya ja layi a tsakiyar shafi. Ya ce a hannun dama mu rubuta kuɗin da ke bin roba, wato wanda in ban yi kunu ba ranar, ba zan kashe shi ba. A hannun hagu kuma mu rubuta kuɗin da ke zaune, wanda ko na buɗe shago ko ina kwance da zazzaɓi sai na biya.

Muka fara da dama. Ayar haɗi ɗaya naira 3,600. Dabino da kwakwa 1,800. Sukari da citta da kanumfari 900. Robobi 60 da murafensu, a kan naira 30 kowace, 1,800. Nan na tsaya, don iya abin da nake lissafawa ke nan tun da na fara. Kawu ya ce da me nake niƙawa, da me nake tacewa, kuma me ke cikin kular da yaro ke fita da ita? Sai ga niƙa 500, ruwan 'yan garuwa 200, ƙanƙara 800. Ƙananan kuɗi ne da nake zarowa daga cinikin safe ba tare da na ɗauke su a bakin komai ba, amma su kaɗai naira 1,500 ne a rana. Jimillar hannun dama ta kama naira 9,600. Aka raba wa roba 60, kowace ta tashi a kan 160.

Na ɗan ji sanyi, na ce to ai ga riba nan, naira 40 a kowace roba. Kawu bai tanka ba, ya koma hannun hagu.

Hayar shago naira 72,000 ce a shekara. Da yake na biya gaba ɗaya tun farko, na manta da ita kamar kyauta nake zaune. Ya raba ta gida 12, wata ya kama 6,000. Kuɗin wuta 4,000. Albashin yaro 10,000. Mai gadin layi da masu kwashe shara da 'yan gyare-gyare 3,000. Sai ya nuna firiza ya ce nawa na saye ta. Na ce 144,000, amma ai na riga na biya, ba bashi ba ce. Ya ce, "Ranar da ta mutu, wa zai saya miki wata?" Muka yi mata kiyasin shekara 4, wato wata 48, ya kama naira 3,000 duk wata. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wuyar yarda, don kuɗi ne da ba na ganin fitarsa daga hannuna. Amma gaskiya ce, kullum firizar tsufa take, kuma kunun ne ke tsufar da ita, don haka kunun ne zai biya. Hannun hagu ya tashi 26,000 a wata. Kwana 26 nake aiki, saboda ba na yi ranar Juma'a, sai ya zama naira 1,000 a rana.

Daga nan ya yi mini tambayar da ta tona komai. Ya ce cikin 60 ɗin nan, nawa ne kuɗinsu ke shigowa hannuna?

Duk mai kunun aya ta san halinsa. Ba ya jure zafi ko kaɗan. In aka ɗauke wuta tun rana, ƙanƙara ta narke, kafin dare sai ki ji ya fara tsami, ki ga roba ta kumbura. Wanda ya kwana ba sanyi kuwa sai zubarwa. Ga na baƙi, ga wanda yarana ke sha in sun taso daga makaranta, ga masu "zan kawo miki gobe" da goben ba ta zuwa. Muka bi kwanakin makon ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga a tsaka-tsaki roba 50 ce ake biya. Goma na tafiya a banza kullum.

Kawu ya ce, "To kin ga, ba a raba kuɗi da abin da aka haɗa. Da abin da aka sayar ake rabawa." Ya haɗa 9,600 da 1,000 suka ba da 10,600, ya raba da 50. Amsa ta fito naira 212. Ya zagaye ta da biro, ya ce wannan ce ƙasar rijiyata. In na sayar a haka, na fitar da uwa, ba riba ba faɗuwa. Ni kuwa 200 nake sayarwa. Ciniki 10,000, kashewa 10,600. Kullum ina faɗuwa da naira 600, a wata 15,600. Da na ga wannan adadi sai hawaye ya zo mini, domin kusan daidai yake da abin da nake nema in cika duk ƙarshen wata.

Bai bar ni a nan ba. Ya ce, ke da kike tashi tun kafin asuba kina wanke ayar da kika jiƙa, kina tata har hannu ya yi sanyi, nawa ne ladanki? In da wata za ki ɗauka ta yi aikin, nawa za ki ba ta a rana? Na ce ba za ta yi ƙasa da 1,400 ba. Ya ƙara a kai, jimilla ta zama 12,000, aka raba da 50 ta ba da 240. A ra'ayina wannan ce lambar da ya kamata kowace mai sana'ar gida ta riƙe. Mu mata mun saba ɗaukar wahalarmu kyauta, sai mu kira ladan aikinmu riba, alhali ribar ba ta ma fara ba. Tunda 240 za ta jawo rigimar canji, muka tsayar da 250.

Tsorona shi ne masu saye su gudu. Kawu ya ce lissafin nan ana juya shi ta baya. A kan 250, duk robar da aka sayar tana biyan 160 ɗinta, ta bar naira 90. Waɗannan casa'in-casa'in su ne za su taru su biya 2,400 na kuɗin zaune da ladana. In ba a yi asarar ko ɗaya ba, roba 27 ta isa. A kan 200 kuwa 40 kawai take bari, sai na sayar da 60 cif, ba tsami ba bashi ba kyauta, kafin in kai wurin. Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Robobi goman da ke salwanta, a kan 160 kowace, naira 1,600 ne a rana. Sun fi haya da wuta da albashin yaro da firiza a haɗe. Ashe ba shagon ne ke cinye ni ba, yawan haɗin da nake yi don kada a zo a ce ya ƙare ne.

Ranar Asabar na fara sayarwa 250. An yi ƙorafi, wasu sun koma wajen mai 200, kuma raina ya sosu da na ga waɗanda muka saba suna wucewa. Ciniki ya sauka zuwa wajen roba 42. Sai na rage haɗi zuwa 45, kayan suka koma 7,200. Na ware wa yarana nasu a jug daga gida, na daina ba da bashi sai ga masu shago biyu da ke biya duk mako. Roba 42 a kan 250 naira 10,500 ce. In aka cire 7,200 da 1,000, saura 2,300: ladana 1,400, ga 900 a sama. Aiki ya ragu, kuma karon farko na je Dawanau da kuɗin aya cikakke.

Bayan kamar mako uku wata mata ta zo tana son roba 100 na walimar biki, ta ce 190 za ta biya. Na kusa cewa a'a, tunda ƙasa take da 212. Na kira Kawu a waya. Ya ce in karɓa, da sharaɗin ta biya kafin in jiƙa aya, kuma ita za ta aiko a ɗauka. Dalilinsa shi ne cinikin yau da kullum ya riga ya biya haya da wuta na ranar, kuma kunun biki ba ya kwantai. Duk abin da ya haura 160 nawa ne, naira 30 sau 100, wato 3,000. Amma ya ja mini kunne cewa wannan farashin rana ɗaya ne. In na mayar da shi na kullum, babu wanda zai biya hannun hagu. Ƙasa da 160 kuwa ko wace ce ta zo in ba ta haƙuri.

Kafin ya kashe wayar ya ƙara da cewa duk ranar da na dawo daga kasuwa in sake lissafin dama da farashin ranar, ba da wanda na sayi tsohuwar aya ba, domin da kuɗin yau zan sayo ta gobe. Na riƙe wannan sosai. Abin da ban shirya masa ba shi ne hunturu. Da sanyin Disamba ya shigo, mutane suka koma shayi da koko, ciniki ya faɗo ƙasa da roba 20 a rana, haya da albashin yaro kuwa suna nan yadda suke. Yadda na yi da shagon a waɗannan watanni, da shawarar da muka yanke ni da Inna a kan yaron, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.