Kada ka taƙaita lamba kafin ka duba alamarta

Idan da'irar lantarki tana da dayod biyu, wato na'urar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, daga anod zuwa katod, kuma ba ka san wanne ke barin wuta ta wuce ba, sai ka yi zato, ka lissafa, ka gwada zaton. A wurin gwajin nan na sha faɗuwa ina ɗalibi.

Ga irin da'irar da ta kayar da ni. Baturi mai 5 V yana bi ta rezisto 1000 Ω zuwa mahaɗar A. Daga A, dayod na farko, D1, yana sauka ƙasa ta wani rezisto 1000 Ω, na biyu kuma, D2, anod ɗinsa yana kan A, katod ɗinsa yana kan baturi mai 2.5 V. Dayod mai aiki za mu musanya shi da faɗuwar 0.7 V haɗe da 10 Ω a jere. Wanda ba ya aiki kuwa, kamar an yanke wayarsa ne.

Na zaci duka biyun suna aiki, na rubuta dokar Kirchhoff a A, wato wutar da ke shiga daidai take da wadda ke fita. V shi ne ƙarfin da ke A, 3.2 kuma jimlar 2.5 da 0.7 ce:

```
(5 - V)/1000 = (V - 0.7)/1010 + (V - 3.2)/10
V = 3.193
```

Don saurin gamawa sai na mai da 3.193 ta zama 3.2, wutar D2 ta fito sifili, na wuce abina. Ashe a ɗan bambancin nan amsar take. Ka cire 3.2 daga 3.193, ka raba da 10, za ka sami kusan -0.66 mA in ka riƙe lambobin duka. Alamar ragin tana nufin wuta tana shiga ta katod tana fita ta anod, abin da dayod ba ya yarda da shi a wannan tsari. Zaton ya rushe, da duk lambobin da suka fito daga gare shi, har da wutar D1. Kada ka ɗauki ko ɗaya ka tafi da ita gaba.

Cire D2 ka sake lissafi. Saura 4.3 V a kan 2010 Ω, wato 2.14 mA, A kuma tana kan 2.86 V. D1 ya tsira, tunda wutarsa tana bin hanyarta.

To, shi wanda ka kashe ma sai an gwada shi, ba da wuta ba, da ƙarfin da ke tsakanin anod da katod. A nan 2.86 - 2.5 = 0.36 V ne. Na taɓa ganin irin wannan na ce ai anod ya fi, dole ya kunnu. A'a, sai ya kai 0.7 V. Bai kai ba, don haka zato na biyu ya tabbata. Da baturin 2 V ne, da an sami 0.86 V, sai a koma a kunna shi.

In dayod sun yi yawa, riƙa juya ɗaya a kowane zagaye kana rubuta yanayin da ka gwada, don uku kaɗai suna da yanayi 8. Idan kuma gwajin ya ba ka irin 0.68 V, kada ka rantse da amsar, domin dayod na gaske yana fara zubo wuta kaɗan-kaɗan tun kafin 0.7 V.