CV ɗina mai gida biyu da yadda na warware shi ya koma gida ɗaya

Abin da ya fi ci mini rai a farkon zuwana ƙasar nan shi ne shirun da ke biyo bayan neman aiki, ka cike fom ka ɗora CV ka danna tura, sai imel ɗin "mun karɓa" ya shigo, daga nan kuma ko tari ba za ka ƙara ji ba. Ni aikin akanta na yi kafin na taso, kuma CV ɗin da na zo da shi wallahi idan ka gan shi a takarda sai ya burge ka. Irin samfurin nan ne da ake saukewa a intanet wanda aka raba shafin gida biyu, gefen hagu siriri mai launin shuɗi ɗauke da hotona da lambar waya da jerin abubuwan da na iya, kowanne da 'yan ɗige-ɗige biyar da ke nuna ƙwarewa, gefen dama kuma wuraren da na yi aiki da karatu, komai a cunkushe a shafi guda da ƙananan haruffa.

Wata 'yar uwa da ta daɗe a nan, tana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata, ita ce ta fara duba shi. Ba ta ma tsaya karantawa ba ta ce, "Ƙanina, buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ka danna Ctrl+A, sai Ctrl+C, ka je Notepad ka danna Ctrl+V mu gani." Na ce to Yaya. Abin da ya fito kusan haka yake:

```
SKILLS WORK EXPERIENCE
Excel Accounts Officer
Payroll 2017 - 2022
```

Lambar wayata da imel ba su fito ba sam. Ta ce to ka ga kusan abin da na'ura ke gani ke nan.

Yawancin manyan kamfanoni a nan, takardar neman aiki ba hannun mutum take fara shiga ba, tana shiga wata manhaja ce da suke kira ATS, irin su Workday da Greenhouse da Lever da Taleo da iCIMS, sau da yawa ma za ka ga sunan a adireshin shafin da kake cike fom ɗin. Aikin farko da manhajar ke yi shi ne ta zaro rubutun da ke cikin fayil ɗinka ta rarraba shi gurbi-gurbi, suna a nan, sunan muƙami a nan, kamfani, shekarun aiki, makaranta. Ido ya san cewa gefen hagu daban gefen dama daban, amma ita na'ura tana iya bin layi ta ƙetare daga hagu zuwa dama, shi ya sa muƙamina ya koma "Excel Accounts Officer" shekarun aikina kuma suka manne da Payroll. Ba duka manhajojin ne ke rikicewa haka ba, wasu na iya karanta gida biyu lafiya lau, matsalar ita ce kai mai nema ba ka san wacce za ka faɗa hannunta ba.

Lambar wayar da ta ɓace kuma dalilinta daban ne. Mai samfurin ya saka ta ne cikin Text Box, wato akwatin rubutu da ake ɗorawa a kan shafi, wasu kuma a Header suke sakawa, wato keɓaɓɓen filin da ke can saman shafi, kuma waɗannan wuraren manhajoji da dama tsallake su suke yi. 'Yan ɗige-ɗigen ƙwarewa su ma zane ne kawai, babu kalma ko ɗaya a cikinsu, haka ɗan hoton waya da na ambulan. Wanda ya fi muni shi ne mai CV da aka ɗauka a hoto ko aka yi sikanin ɗinsa aka mai da shi PDF, wannan idan ka ja linzami a kai ba abin da zai haskaka, ga na'urar da ba ta karanta hoto shafin fanko ne.

Gyaran bai yi wahala ba amma sai da na haƙura da kwalliyar gaba ɗaya. Yaya ta hana ni gyara tsohon fayil ɗin, ta ce teburan da ke ɓoye a ciki za su ci gaba da bi na, don haka sabon shafi na buɗe a Word na zuba rubutun da ya fito daga Notepad na fara jera shi daga sama zuwa ƙasa. Suna a layin farko a cikin jikin shafin, ƙasansa gari da lambar waya da imel da rubutu zalla. Sai layi uku na taƙaitaccen bayani kan aikina. Kanun sassan kuma na bar su da sunayen da kowa ya sani, Work Experience, Education, Skills, saboda da su manhajar ke gane inda sashe ya fara, tsohon nawa "My Journey" aka rubuta a wani wurin kuma wannan ba ya gaya wa na'ura komai. Harafi Calibri girman 11, babu tebur babu launi babu hoto. Maganar hoto dai ta danganta da ƙasa, a Birtaniya da Amurka da Kanada ba a sa hoto ko ranar haihuwa, a Jamus kuwa har yanzu mutane da yawa na sawa, sai ka tambayi mutanen wurin da kake.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne sashen aiki, kuma nan ne ya cancanci a ɓata lokacin. Kowane aiki na ba shi tsari iri ɗaya, na baya-bayan nan a sama:

```
Accounts Officer
Sunan kamfani, gari, ƙasa
03/2017 - 08/2022
```

Wata da shekara, salo ɗaya daga farko har ƙarshe, don da wannan ake lissafa maka tsawon gogewarka. Ƙasan kowanne sai layuka huɗu ko biyar na abin da na yi. Kuma tunda babu wanda ya san kamfanonin da na yi wa aiki a nan, na ƙara rabin layi na faɗi harkar da kamfanin ke yi da girmansa, wannan saboda mutumin da zai karanta ne. CV ɗin ya koma shafi biyu, na ɗan damu, Yaya ta ce ga mai shekarun aiki irin nawa shafi biyu ba laifi ba ne.

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninmu sababbin zuwa wai na'urar ce ke watsar da CV tun kafin mutum ya gani. Yadda Yaya ta bayyana mini aikinsu, abin bai cika zama haka ba. Takardarka tana nan a ciki, sai dai mai ɗaukar aiki yana da tarin masu nema a gabansa, sai ya rubuta kalma kamar "reconciliation" ko "accounts payable" ya bincika, wanda rubutunsa ya hargitse ko bai yi amfani da kalmar ba sai ya ƙi fitowa. Shi ya sa yanzu nake karanta tallar aikin da kyau, idan abin da suke nema na iya shi da gaske sai na rubuta shi da kalmar da suka yi amfani da ita. Masu cusa kalmomi da farin harafi wai don su yaudari na'ura kuwa, su sani rubutun da aka zaro yana nuna komai a fili. Ƙin karɓa na nan take yawanci daga tambayoyin fom ɗin yake zuwa, kamar ko kana da izinin aiki a ƙasar, kuma wannan gyaran shafi ba ya maganinsa.

Fayil ɗin ina ajiye shi iri biyu, .docx da PDF da na fitar kai tsaye daga Word, wanda tallar ta nema shi nake turawa. Duk lokacin da na ɗora shi fom ya cike kansa ina tsayawa na bi gurbi-gurbi, muƙami ya zauna a wurin muƙami, kamfani a wurin kamfani, shekaru daidai, idan wani ya kauce na gyara da hannu a fom ɗin sannan na koma fayil ɗin na nemo layin da ya jawo hakan kafin na tura wa kamfani na gaba.