Yadda na jera dariyar tela da Alhaji cikin minti ɗaya da rabi

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Tahoua ta nemi in rubuta ɗan gajeren barkwanci wanda ba zai wuce daƙiƙa 90 ba, sai na zaɓi abin da kowa ya sani a garin nan, wato alkawarin tela a jajibirin salla.

Shimfiɗar ta ci daƙiƙa 25. Alhaji ya shigo shago ana dab da shan ruwa, leɓɓansa a bushe, yana cewa an kai azumi na 29 kuma har yanzu bai ga shaddarsa ba. Da gangan na hana kowa furta "ƙaramar salla", domin da zarar mai kallo ya ji "ƙarama", zuciyarsa za ta tuna masa da babba, kuma zai riga tela kaiwa ƙarshen zancen. Azumin kaɗai ya isa ya nuna lokacin.

Wajen karkatar da hankali na fi daɗewa, don a nan aikin yake. Na ajiye wata leda ɗaure a kan keken ɗinki, na sa tela ya ɗora hannu a kanta yana cewa cikin natsuwa: "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa saɓa alkawari ba. Kafin salla na ce maka, kuma kafin salla za ka sa kayanka." Idon kowa yana kan ledar, kowa ya ɗauka rigar tana ciki, har Alhaji ya saki fuska ya miƙa hannu. Abin da na kiyaye shi ne kada tela ya yi ƙarya ko sau ɗaya, saboda masu kallo suna yarda a bar su su ruɗi kansu, amma idan aka yaudare su da maganar da ba gaskiya ba, dariyar ba ta fitowa da daɗi.

Sai wani yaro ya shigo ya ɗauki ledar ya fita. Alhaji ya ce: "Malam, gobe fa salla!" Tela ya yi shiru na numfashi biyu, sannan ya ce: "Alhaji, ai sallar da na ce maka ita ce ta layya."

Kalmar "layya" dole ta zo a ƙarshen jimla, domin a gwaji mun ga cewa idan aka ce "ta layya nake nufi", dariya tana danne sauran maganar. Bayanta na rubuta wa Alhaji shiru na daƙiƙa 3, yana lissafa wata biyu da kwana goma da yatsu. Idan aka yi dariya kafin kalmar, shimfiɗa ta tona asiri. Idan kuwa mutane suka juya suna tambayar juna abin da tela ya ce, to azumin ne bai fito sosai a farko ba, kuma can nake komawa in gyara.