"Duk yadda ka ga ya dace, likita"

Wannan amsa ita na fi tsoro a ɗakin duba haƙori. Mai faɗinta sau da yawa bai gane komai ba, zogi ne ya dame shi, ga kunyar sake tambaya.

Wani dattijo ya zo da mataunin ƙasa wanda kogo ya ci har ya kai jijiya, kwana uku bai runtsa ba. Zaɓinsa uku ne: a cire jijiyar a cike saiwa, a cire haƙorin, ko a bar shi. Na yi bayani yana kwance a kujera, baki buɗe, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Na buɗe haƙorin, na kwashe jijiyar, na sa cikon wucin gadi. Zafi ya tafi, shi ma ya tafi. Bayan wata huɗu ya dawo, cikon ya faɗi, haƙorin ya tsage har ƙarƙashin dasashi, ba makawa sai cirewa. A fahimtarsa an gama aiki tun ranar farko. Sa hannunsa na cikin fayil, amma abin da ya amince da shi ba shi na yi niyya ba, kuma laifina ne.

Yanzu sai na ɗaga kujerar mara lafiya ya zauna, kafin allurar kashe zafi. Ina nuna masa hoton haƙorin, na ɗora yatsa a kan baƙin wurin. Sannan na faɗi abin da aikin cire jijiya zai ci masa: zuwa 2 ko 3, kowanne kusan awa ɗaya, cikon farko na 'yan makonni ne kawai, daga ƙarshe a sa wa haƙorin hula don kada ya tsage. Cirewa zuwa ɗaya ne, amma na kusa kan karkato cikin giɓin, na sama kuma ya zazzago. In an bar shi, zafin na iya lafawa don jijiyar ta mutu, mugunya kuma ta taru a gindin saiwa. Wannan na uku shi muka fi mantawa mu faɗa.

Na daina tambayar "ka gane?", don amsarta kullum "e" ce. Sai na ce, "Baba, in an tambaye ka a gida me za a yi wa haƙorin nan, me za ka ce? Sau nawa za ka dawo?" In ya ce "ciko za a yi", mu koma farko da wasu kalmomin. In harshenmu ba ɗaya ba, tafinta babba nake nema, ba yaron da ya rako shi ba, kuma mara lafiyar nake kallo, ba tafintan ba.

Idan har yanzu bai kama ba, ba na cire haƙori ranar, tunda ba ya komawa. Nakan kwantar da zafin, bayan ya yarda da wannan kaɗai, na rubuta a fayil zaɓin da na gabatar da kalmomin da ya maimaita, ya dawo bayan kwana biyu da wanda ya amince da shi. Sai fa in fuska ta kumbura da zazzaɓi ko haɗiya na gagara, nan ba a jira.