Abin da hasashen GDP ya koya mini: a wane wata abin ya faru?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, tana fitar da alƙaluman GDP, wato jimillar darajar kayayyaki da ayyukan da Najeriya ke samarwa, duk wata uku ne, kuma sai an yi makonni da rufe zangon kafin su fito. Mai tsara kasafi ko mai yanke shawara kan kuɗin ruwa ba zai naɗe hannu ya jira ba. Aikin irinmu shi ne mu ƙiyasta adadin tun bai fito ba, da alƙaluman da ke zuwa wata-wata: gangar ɗanyen mai da ake haƙowa a kullum, wadda OPEC ke bugawa a rahotonta, da ma'aunin PMI da ake haɗawa daga amsoshin kamfanoni, da hauhawar farashi, da bashin da bankuna ke bai wa 'yan kasuwa. Wahalar ita ce abin da kake nema yana zuwa sau huɗu a shekara, abin da ke hannunka kuma sau goma sha biyu.

Sabon shiga yakan ɗauka haɗa alƙaluman wata uku a raba uku ya wadatar. Idan yawan abin da aka samar ake aunawa, haka ne. Idan kuwa saurin bunƙasa ake aunawa, lissafin ya sauya, kuma a nan na fi ƙaruwa a wannan aiki.

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira. A ce wani sashe yana samar da 100 kowane wata daga Oktoba zuwa Disamba. Sai bututu ya fashe, ya koma 94, ya tsaya a haka. In a Janairu abin ya faru, zangon farko na shekara gaba ɗaya zai zama 94, wato faɗuwar kashi 6 cikin ɗari. In kuwa a Maris ne, kana da 100 da 100 da 94, matsakaicinsu 98, faɗuwar kashi 2 kacal. To ina sauran ya tafi? Yana nan yana jira. Afrilu, Mayu da Yuni duk 94 ne, ba abin da ya motsa a cikinsu, amma da ka gwada 94 da 98 sai ka ga zango na biyu ya faɗi da kusan kashi 4. Zangon da ba a yi komai a cikinsa ba, shi ya ɗauki ninki biyu na laifin zangon da aka yi ɓarnar.

Masana tattalin arziki Mariano da Murasawa sun rubuta wannan a taƙaice a 2003. Bunƙasar zango tana rataye ne a kan wata biyar, kowanne da nauyinsa. Ga na zangon Janairu zuwa Maris, inda sunan wata ke nufin bunƙasarsa a kan watan da ya gabace shi:

```
(1*Nuwamba + 2*Disamba + 3*Janairu + 2*Fabrairu + 1*Maris) / 3
```

Nauyin duka tara ne, kuma shida daga ciki sun faɗa kan Nuwamba, Disamba da Janairu. Ke nan da alƙaluman Janairu sun shigo, kashi biyu cikin uku na nauyin yana hannunka, alhali zangon bai kai rabi ba. Maris kuwa, wanda labarinsa ke cika jaridu daidai lokacin da shugabanka ke neman adadi, nauyinsa ɗaya ne tak, daidai da na Nuwamban bara da kowa ya manta da shi. Shawo kan mutum a ɗakin taro ya yarda da wannan ya fi rubuta lissafin wuya.

Akwai hanyar da ake kira MIDAS, wadda masanin tattalin arziki Ghysels da abokan aikinsa suka fito da ita, inda ake barin alƙaluman da kansu su nuna nauyin kowane wata. Tana da amfani ga ma'aunin da ke riga tattalin arziki motsawa. Amma ni ina taka-tsantsan da ita a kan bayananmu. Daga 2010 zuwa 2024 zango 60 ne kawai. Ka ɗora ma'auni biyar, kowanne da watanni shida na baya, ka ga kana neman lamba 30 daga layi 60. Irin wannan tsari yakan haddace tarihi tsaf, gobe kuma ya ba ka kunya. Shi ya sa MIDAS ke tilasta wa nauyin bin wani lanƙwasasshen layi mai lamba biyu ko uku, shi ya sa kuma nake fara gwada 1, 2, 3, 2, 1 kafin komai.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna wani ɓangaren matsalar. Ma'aunin PMI na bankin Stanbic IBTC, wanda 50 ce iyakarsa tsakanin ci gaba da ja da baya, ya sauka zuwa 44.7 a Fabrairu, sannan 42.3 a Maris. Wanda ya kalli waɗannan lambobi kaɗai zai rantse GDP zai koma ƙasa da sifili. Da NBS ta fitar da adadin a Mayu, sai ga bunƙasar kashi 2.31, daga 3.52 a zangon ƙarshe na 2022. An ji jiki, amma ba kamar yadda PMI ya yi ihu ba.

Dalili biyu na gani. PMI yana tambayar kamfani ne ko wannan wata ya fi na baya, ko ya gaza shi, ko daidai suke. Yana ƙirga yawan waɗanda suka ce an samu koma baya, ba ya auna zurfin koma bayan. Wanda cinikinsa ya ragu kaɗan da wanda ya kulle shago ƙuri'a ɗaya suke da ita. Dalili na biyu ya fi ɓuya. Adadin da NBS ke sa wa a gaba kwatanci ne da irin wannan zango a bara, don haka yana ɗauke da bunƙasar wata 14 a cikinsa: nauyi 1 da 2 a farko, 3 har sau goma a tsakiya, sannan 2 da 1 a ƙarshe. Fabrairu da Maris su ne wannan 2 da 1 na ƙarshe, kuma sun tarar da ribar sauran watannin ta riga ta taru. Duk wanda ya haɗa ma'aunin wata-da-wata kai tsaye da adadin shekara-da-shekara, ya auna abu biyu da mudu daban-daban. Gyaran shi ne a tara ma'aunin watan bisa wancan nauyi tukuna, ko a yi hasashen sauyin adadin, wato saukowa daga 3.52 zuwa 2.31, maimakon adadin kansa.

Kuskuren nauyi yana da alama. Jera kurakuran hasashenka zango-zango. Idan ka ga duk sanda ka zuzuta faɗuwa a wannan zango sai ka raina ta a na gaba, to ka bai wa watan ƙarshe nauyin da ba nasa ba.

Gwajin ma yana da tarkonsa. Alƙaluma ba sa zuwa tare: PMI a farkon wata, na mai wajen tsakiyarsa, na bankuna can daga baya. In za ka gwada tsarinka a kan 2019, sai ka yanke kowane ma'auni daidai inda ya tsaya a ranar da kake kwaikwayo, kuma da lambobin da aka buga a lokacin, domin ana gyara su daga baya, ga shi Najeriya ta sake shekarar tushe ta GDP, wato shekarar da ake auna sauran shekaru da farashinta, a 2014 da kuma 2025. Saboda haka muke adana kowane fayil da kwanan watan da aka sauke shi, ba ma ɗora sabo a kan tsoho. Sannan mu gwada sakamakon da hasashen malalaci, wanda ke cewa wannan zango zai maimaita na baya. A adadin shekara-da-shekara, uku daga zanguna huɗun da ke cikinsa an riga an san su, don haka malalacin nan yana da wuyar kayarwa, kuma tsarin da bai kayar da shi ba ba ma sa shi a rahoto.