Aikin indararo a Agege: inda ruwa ke ambaliya shi ke nuna ciwon

'Yan uwa masu koyon aikin rufi, ga inda muka kwana a aikin wani gida a Agege da bangonsa ya yi kore da gansakuka, fenti yana ɓarewa daga sama har ƙasa. Mai gidan ya sa an share indararon tun farkon damina, amma da ruwan watan Yuni ya sauka da ƙarfi sai ya ci gaba da kwarara a jikin bango.

Maigidanmu ya hana mu ɗora tsani sai da aka yi ruwa muka tsaya muka kalla. Cewa ya yi, "Ku dubi inda yake tumbatsa tukuna." In a tsakiya yake zuba, indararo ya lotsa ke nan. In ta baya ne, tsakaninsa da katakon bakin rufi, to ko kwano bai shigo cikinsa sosai ba, ko leɓen baya ya fi na gaba ƙasa, kuma wannan shi ya fi cin bango. Namu kusa da bakin faif mai saukar da ruwa ƙasa ya fara cika, sannan ya bazu baya. Wannan ko toshewa ce ko faif ya yi kaɗan.

Toshewar ba ta ba mu wuya ba. Mun kwance gwiwar faif ta sama muka ciro ledar fiya wata da laka, ƙurar hunturu ce da ta kwanta a kan kwano ruwa ya wanko ta. Mai shara ba ya ganin cikin gwiwa, shi ya sa ake cewa an share alhali hanya a rufe take. Muka zuba bokiti ya wuce sumul. Sai dai bokiti ɗaya ba ruwan Legas ba ne.

Nan lissafi ya shigo, kuma ina roƙonku ku riƙe shi. Ɓangaren rufin da ke zuba cikin wannan indararo tsawonsa mita 12 ne, faɗinsa mita 5 in an auna a kwance, wato murabba'in mita 60. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Muka ɗauki ruwa mai ƙarfi, milimita 150 a awa, don kada mu yi ƙwauron lissafi. Ka ninka 60 sau 150, ka samu lita 9,000 a awa. Ka raba da daƙiƙa 3,600, ya ba ka lita biyu da rabi a kowace daƙiƙa. Jarka mai lita 25 za ta cika a daƙiƙa goma. Duk wannan ruwan an bar wa faif ɗaya mai inci 3 a can ƙarshen mita 12, ramin da aka huda masa a gindin indararo ma bai kai faɗin faif ɗin ba. A ganina wannan ramin ne aka fi yi wa sakaci a aikinmu: faif babba, baki ƙarami, kuɗin faif ya tafi a banza.

Tazarar inci 3 da inci 4 kamar ba komai, amma filin da ruwa ke bi a ciki yana tafiya ne da 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, kusan ninki biyu. Mun sa mai inci 4, kuma guda biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ramukan daidai da bakinsu. Yanzu kowanne lita ɗaya da kwata kawai yake ɗauka, ruwa kuma mita 6 zai yi ya fita.

Sai gangare. Muka ɗaga tsakiya ya zama wuri mafi tudu, muka ba shi milimita 5 a kowace mita, wato santimita 3 zuwa kowane ƙarshe. Kada ku bi katakon bakin rufi da ido, sau da yawa shi ma a karkace yake. Siririn tiyo mai ruwa a ciki muka yi amfani da shi muka fitar da lebur, muka sauke alamar ƙarshe da santimita 3, muka ja igiya, muka jera ƙarafunan tallafi a kanta, tsakanin kowane biyu kamar santimita 60 don kada nauyin ruwa ya lanƙwasa shi. Gangare ma yana da iyaka. In ya yi yawa, ƙarshen indararo zai yi nisa da bakin kwano, ruwa mai gudu ya tsallake shi ya faɗo waje. Wannan ma wani amfanin raba shi biyu ne: da gefe ɗaya muka karkata, da sai mun sauka santimita 6.

Ruwan da aka yi bayan mun gama bai taɓa bango ba, kuma da ya ɗauke na hau ban tarar da ruwa kwance ba. Abin da ya rage shi ne ƙasa: faif na hagu yana zuba a gindin gini, za mu ƙara masa gwiwa da guntun faif ya kai kwata. Filasta da fenti kuwa mun ce mai gida ya jira bangon ya bushe sarai, in ba haka ba sabon fentin ma kumbura zai yi ya ɓare.