Akwati ɗaya, adireshi huɗu: inda saƙonni ke salwanta

Sana'ata haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet da imel mai sunan kamfaninsu. Mu uku ne a shagon, a nan Kano, kuma bayan gyaran shafin da ya faɗi, babu aikin da ake kawo mana kamar wannan: mutum yana da tsohon Yahoo, yana da Gmail a waya, ga adireshi biyu na kamfani, yana so duk ya riƙa ganinsu wuri guda. Hanyoyin da aka saba bi biyu ne. Ko dai kowane akwati ya riƙa turo saƙo da zarar ya shigo, ko kuma babban akwatin ya riƙa zuwa yana ɗaukowa lokaci-lokaci. A ido sakamakonsu ɗaya ne, amma kowace da inda take yin ɓarna.

Wani Alhaji mai fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau ya zo mana da ƙorafin cewa wakilinsa na tashar jiragen ruwa a Legas ya rantse ya aiko masa da takardun kaya, shi kuwa bai ga komai ba. Saƙonnin talla suna shigowa, na abokai suna shigowa, sai wannan ɗaya tilo da kuɗi ke rataye a kansa. Wanda ya fara haɗa masa imel ya shiga cPanel, shafin sarrafa imel ɗin kamfani, ya sa Forwarders, duk abin da ya zo adireshin kamfani ya zarce Gmail, bai kuma buɗe akwati na gaske a ƙarƙashin adireshin ba. Ke nan babu kwafi a ko'ina. Muka buɗe Track Delivery muka nemo saƙon. Ya iso sabarmu lafiya, wato kwamfutar da ke karɓar imel ɗin kamfanin, ta miƙa wa Gmail, Gmail ya ƙi karɓa da lamba 550 5.7.26.

Dalilin yana cikin yadda ake tantance mai aiko saƙo. Kowane kamfani yana wallafa jerin sabobin da ya yarda su aika imel da sunansa, shi ne SPF. Idan sabarka ta tura saƙon wani gaba, Gmail yana ganin saƙon ya fito ne daga sabarka, wadda ba ta cikin jerin wancan kamfanin. Kamar maigadi ne da aka ce masa wasiƙar wane sai ta hannun yaransa, sai ga baƙuwar fuska riƙe da ita. Abin da ke ceton yawancin saƙonni shi ne DKIM, sa hannu na lantarki da ke manne a jikin saƙon, wanda ke tsira daga turawa muddin ba a taɓa komai ba. Kamfanin wakilin Alhaji bai sa DKIM ba, SPF kaɗai gare shi, ga shi kuma a DMARC ɗinsa, ƙa'idar da ke faɗin yadda za a yi da saƙon da aka kasa tantancewa, ya rubuta `p=reject`, wato duk saƙon da ya faɗi gwaji a mayar da shi. Haka ma ake yi ko da akwai DKIM, idan sabar da ke turawa ta ƙara wata kalma a kan taken saƙon ko ta liƙa wani layi a ƙasansa, domin sa hannun ya lalace ke nan.

Wasu abokan sana'a suna cewa a kunna SRS an huta. Yana taimakawa, don yana sauya adireshin da ke bayan ambulan zuwa naka, SPF ya wuce. Sai dai DMARC yana kallon sunan da ke layin From ne, shi kuwa bai dace da naka ba, saboda haka saƙon da ba shi da DKIM zai sake faɗuwa. Akwai kuma wata illa da ba a cika kula da ita ba. Idan kana tura komai har da tarkacen 'yan damfara, a wajen Gmail sabarka ce ke aiko tarkacen, sannu a hankali sai ya fara jefa saƙonninka na gaske a Spam.

Mai son sanin halin da turawarsa ke ciki, ya buɗe wani saƙo da aka turo a Gmail na kwamfuta, ya danna Show original. A sama zai ga SPF da DKIM da DMARC, kowanne da PASS ko FAIL. Kada dai ya yi gwajin daga Gmail ɗin da saƙon zai komo, domin Gmail yana gane saƙonsa ne ya dawo, ba zai nuna shi a Inbox ba. Mutane da yawa sun kira ni a kan wannan suna cewa turawa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. A sa wani ya aiko daga wani adireshin daban.

Ɗaukowa ba ta da wannan ciwon, tunda saƙon ya riga ya sauka a akwatinsa na asali kafin a je a kwaso shi da POP3 ta Port 995. Nata matsalolin daban ne. Gmail shi ke zaɓar lokacin da zai leƙa, wani sa'in mintuna kaɗan, wani sa'in ya kusa awa guda, mai jiran lambar tabbatarwa daga banki kuwa sai ta mutu kafin ta iso. Inbox kaɗai yake kwasowa, duk abin da tsohon akwatin ya jefa a Spam yana can ba wanda ya sani. Ranar da aka sauya kalmar sirri, ɗaukowa ta tsaya cik, sau da yawa sai shirun ya yi yawa ake lura. Sannan ga ɗan akwatin nan mai suna "Leave a copy of retrieved message on the server". Idan ba a sa masa alama ba, ana goge saƙon a can bayan an ɗauko, akawun da ke duba adireshin nan a wayarsa ya tarar da wayam. Idan an sa, akwatin da aka yanka wa 1 GB zai cika wata rana ya fara mayar da saƙonni. Ban ma cika ɗora sabon aiki a kan wannan hanyar ba yanzu, tun da Google ya sanar a 2025 cewa zai janye "Check mail from other accounts", wato wannan ɗaukowar, daga Gmail, farawa daga 2026.

Ga Alhaji, mun buɗe akwati na gaske ga kowane adireshin kamfani, muka cire turawar, muka shigar da su cikin manhajar Gmail ta wayarsa da IMAP, hanyar karanta saƙo kai tsaye daga akwatinsa, Port 993. A nan All inboxes yana nuna masa komai a jere, amma kowane saƙo yana zaune a gidansa, in ya amsa kuma amsar tana fita da sunan kamfani ta sabar kamfani, ba da tsohon adireshinsa na samartaka ba. Ya tambaye ni, "To Malam, a kwamfutar ofis fa?" Muka sa masa Thunderbird, wanda shi ma ke iya haɗa akwatunan a fuska ɗaya.

Tsohon Yahoo ɗinsa ma da IMAP muka haɗa shi, sai dai shi bai karɓi kalmar sirrin da Alhaji ya saba ba, sai da muka shiga saitin tsaro muka ƙirƙiro ta musamman don manhaja. Turawa guda ɗaya muka bari, daga adireshin tambayoyi na shafin zuwa wajen yaron shagonsa, da kwafi a ajiye da matatar tarkace a gaba. Akwatunan kamfanin kuwa na ɗaga su zuwa 5 GB kowanne, saboda takardun kaya da hotunan buhuna nauyi gare su, kuma a ƙarshen kowane wata ina leƙa Email Disk Usage in ga inda suka kai.